Wasiƙar neman biyan bashi daga Zariya zuwa Kwatano: inda fassara ke cinye haƙƙin ɗan kasuwa

A farkon watan Yulin 2024 wani ɗan kasuwa da ke harkar busasshiyar citta a Sabon Gari ya zo wurina da takarda biyu, ɗaya da Hausa, ɗaya da Faransanci. Zan kira shi Alhaji kawai. Ta Hausar shi ya faɗa yaronsa ya rubuta, ta Faransancin kuma wani matashi ne ya fassara masa. Ya tura ta ga wani kamfani a Kwatano wata guda kafin nan, amsar da ya samu kuwa godiya ce da fatan alheri, babu ko sisi. Ya ce da ni, "Malam, duba mini, ko dai yaron nan bai iya Faransancin ba ne?"

Na karanta. Yaron ya iya Faransanci, fassararsa ma ta bi Hausar sau da ƙafa. Ga abin da ta Hausar ta ƙunsa bayan doguwar gaisuwa: "Muna tunatar da ku ragowar kuɗinmu na kayan da muka turo kwanakin baya. Don Allah a taimaka a duba, idan hali ya yi a turo mana, domin mu ma mutane na bin mu."

Duk Bahaushen da ya karanta wannan ya san an kai Alhaji bango. Dattijo ba ya cewa "mu ma mutane na bin mu" sai abin ya ishe shi, kuma a wajenmu "a taimaka" a bakin mai bin bashi alkunya ce, umarni ne aka lulluɓe shi da mutunci. To amma da kalmomin suka koma Faransanci suka sauka a teburin akawun kamfani, sai suka zama roƙo na gaske: wani yana neman taimako, ya kuma ce a biya lokacin da hali ya yi. Babu adadin kuɗi, babu lambar takarda, babu rana. Akawun da ke da mutum goma suna bin kamfaninsa zai fara sallamar wanda ya sa masa rana, ya ajiye mai haƙuri a ƙasa. Alhaji da hannunsa ya sa kansa a ƙasan.

Abin da nake so a fahimta shi ne irin wannan wasiƙa masu karatu biyu gare ta. Na farko shi ne wanda ake bi bashin. Na biyu alƙali ne wanda bai san Alhaji ba, bai san Zariya ba, wataƙila kuma wata rana a miƙa masa takardar a cikin tarin wasu. Na farkon yana iya gane nufinka ko da ka yi kara. Na biyun abin da ke kan takarda kaɗai zai gani.

Jamhuriyar Benin tana cikin ƙasashe 17 da suke amfani da dokokin kasuwanci na bai ɗaya da ake kira OHADA, tare da Nijar, Togo, Kamaru da Chadi. Najeriya ba ta ciki. A tsarinsu akwai bambanci tsakanin wasiƙar tuni da wasiƙar gargaɗin ƙarshe. Ta biyun tana da sunanta wanda ake rubutawa ƙarara a saman takarda, wato mise en demeure, kuma duk ɗan kasuwar da ya ga waɗannan kalmomi ya san daga nan sai kotu. Akwai kuma wata gajeriyar hanya ta karɓar bashi a dokokin nasu, inda mai bin bashi zai kai takardunsa kotun garin da wanda ake bi yake, alƙali ya duba, ya ba da umarnin a biya ba tare da an fara zaman shari'a ba, sai in wanda ake bi ya ƙalubalanci umarnin cikin ɗan wa'adin da doka ta ba shi. Sharaɗin wannan hanya uku ne: bashin ya zama tabbatacce, adadinsa sananne, ranar biyansa kuma ta riga ta wuce. Wasiƙar Alhaji ta farko ba ta nuna ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Shi ya sa ban taɓa Faransanci ba a wannan rana. Muka zauna da Hausa muka fara warware lissafi, domin abin da bai fito fili a harshen mai shi ba, babu mai fassarar da zai fito da shi.

Kayan buhu 500 ne na citta daga Kaciya, kowanne kilo 40, wato tan 20. An yi ciniki a kan sefa 900,000 kowane tan, jimla sefa 18,000,000. Kamfanin ya ba da kafin alƙalami 6,000,000. An rubuta takardar kuɗin kaya ranar 4 ga Maris 2024, kayan suka isa ranar 11 ga Maris, kuma an yi alkawari cikon zai fito kwana 45 bayan isar kaya, wanda ya kama 25 ga Afrilu. Ranar ta zo ta wuce. A 10 ga Mayu suka turo 4,500,000. Saura 7,500,000 ke nan.

Na ɗauka mun gama, sai na yi masa tambayar da nake yi wa kowa: "Alhaji, sun taɓa yin ƙorafi a kan kayan?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce e, manajansu ya kira shi ya ce buhu 20 sun ji danshi sun yi fumfuna. Na ce me ya amsa. Ya ce, "Ce masa na yi ba komai."

Wannan "ba komai" ita ce ta fi cin lokacinmu, kuma ta cancanci hakan. A bakin Bahaushe tana iya nufin na yafe, tana iya nufin za mu yi magana daga baya, tana iya nufin na ji amma ban yarda ba, ba na dai son musu a waya. Wanda ya yi musu tafinta a wayar ya mayar da ita abin da ke nufin babu matsala, manajan kuwa ya rubuta a littafinsa cewa an yafe. Buhu 20 kilo 800 ne, a kan sefa 900 kowane kilo ya zama 720,000. Ke nan a littafin Alhaji bashin 7,500,000 ne, a nasu 6,780,000. Da mun rubuta babban adadin ba tare da mun ambaci buhunan ba, mun ba su ƙofar da za su ce lissafin ma ba a daidaita shi ba, daga nan kuma sai a koma musayar wasiƙu a kan 720,000 alhali miliyan shida da ɗoriya na kwance. Na shimfiɗa masa zaɓi biyu. Ko ya nemi duka, ya faɗa a fili cewa bai amince da ƙorafin ba tunda ba su turo hoto ko rahoton duba kaya ba, ko kuma ya cire kuɗin buhunan a rubuce ya nemi abin da babu jayayya a kansa. Ya yi lissafinsa ya ce a cire, don shi ma yana zargin an loda wasu buhunan ba su gama bushewa ba. A ganina ya yi daidai. Amma hukuncin nasa ne, kuma da mai fassara ya yanke masa shi a ɓoye, ko ta wane ɓangare, ya ci amana.

Sai maganar sunan takardu. A kasuwanninmu kusan kowace takarda rasit ce. Wadda aka rubuta kuɗin kaya a kai rasit, wadda direba ya kai aka sa masa hannu rasit, wadda ke nuna an karɓi kuɗi ita ma rasit. A Faransanci kowacce da sunanta. Takardar da ke neman a biya ita ce facture, wadda ke shaida an riga an karɓi kuɗi kuma reçu. A wata tsohuwar wasiƙa da Alhaji ya nuna mini an kira takardar miliyan 18 da suna na biyun, wato a zahirin rubutu shi da kansa yana cewa ya karɓi kuɗin. Ba na jin alƙali zai yanke hukunci a kan kalma ɗaya, amma lauyan da ke neman jan lokaci irin wannan yake nema. Maganin abin mai sauƙi ne, mai fassara ya ce a kawo masa takardun ya gani da idonsa, kada ya dogara da sunan da aka kira su da shi. Da na karɓi na Alhaji na kuma lura cewa sunan da ke kan takardar kuɗin na kamfani ne mai rajista, alhali wasiƙarsa ta farko sunan manajan ta ɗauka, mutumin da suka saba, wanda har gida ya taɓa zuwa a Tudun Wada. Manaja ma'aikaci ne, gobe yana iya barin aiki. Bashin yana wuyan kamfani, don haka sunan kamfanin da adireshinsa za a rubuta harafi da harafi kamar yadda suke a takardunsu, ba a fassara su, sannan a ƙasa a ce a miƙa wa manaja.

Lambobi su ma suna da nasu tarkon. Mu muna raba dubbai da waƙafi, mu sa ɗigo kafin kwabbai. Masu Faransanci waƙafi suke sawa kafin ƙananan kuɗi, dubbai kuma su raba su da fili ko da ɗigo. A adadi mai tsawo kamar namu kowa zai gane, amma 6,780 a idonsu shida ne da 'yan kai. Don haka a takardar Faransanci aka rubuta 6 780 000, aka kuma maimaita adadin da kalmomi. Sefa kanta iri biyu ce, ta Afirka ta Yamma da ta Afirka ta Tsakiya, darajarsu ɗaya, 655.957 a kan yuro guda, amma bankunan da ke fitar da su daban ne. Ta Kwatano alamarta a banki XOF, ita muka sa. Wanda ke hulɗa da 'yan'uwanmu na Nijar ma ya kiyaye, a bakinsu dala tana nufin sefa biyar, jika kuma sefa dubu, alhali a nan jaka naira ɗari biyu ce.

Alhaji ya so a ƙara adadin da naira don su ga irin asarar da yake yi. Na hana shi. Kowa ya ga yadda naira ta yi tun daga Yunin 2023, daga wajen 460 a kan dalar Amurka har ta haura 1,500 a farkon 2024. Bashin da aka ƙulla da sefa a bar shi a sefa. Da zarar adadi biyu sun bayyana a wasiƙa ɗaya, wanda ake bi zai zaɓi wanda ya fi masa sauƙi a ranar da zai biya.

Ga yadda zuciyar sabuwar wasiƙar ta fito da Hausa, kafin a juya ta:

"Bisa takardar kuɗin kayanmu ta 4 ga Maris 2024, mun sayar muku da busasshiyar citta tan 20 a kan sefa 18,000,000, kuka karɓi kayan ranar 11 ga Maris 2024. Kun biya 6,000,000 kafin lodi, da 4,500,000 ranar 10 ga Mayu 2024. Mun amince mu cire 720,000, kuɗin buhu 20 da kuka yi ƙorafi a kansu. Abin da ya rage a kanku sefa 6,780,000 ne, wanda ranar biyansa ta wuce tun 25 ga Afrilu 2024. Muna buƙatar ku biya wannan adadi gaba ɗaya zuwa ranar 16 ga Yuli 2024, a asusun da ke kan takardar kuɗin. Idan ranar ta wuce ba ku biya ba, za mu miƙa takardun ga lauya a Kwatano ya nemi umarnin biya daga kotu, ba tare da wata sanarwa ba."

Ranar 1 ga Yuli aka rubuta ta, wa'adin kwana 15 ke nan. Na fi son a ambaci ranar da sunan wata maimakon a ce "cikin kwana goma sha biyar", saboda nan take za a fara tambaya, daga ranar rubutawa ne ko daga ranar karɓa, da Asabar da Lahadi ko ban da su. Asusun kuma da gangan muka ce wanda ke kan takardar kuɗin. Wasiƙar neman kuɗi da ta zo da sabuwar lambar asusu kama take yi da aikin 'yan damfara, kuma akawu mai hankali zai dakatar da biya har sai ya tabbatar.

Da Alhaji ya ji an karanta masa ya ce ta yi bushewa da yawa, kamar ba su taɓa cin abinci tare da mutumin ba. Ina ganin damuwarsa, kuma ba ƙarama ba ce, don yana so su ci gaba da ciniki. Muka ƙara jimla ɗaya a farko da ke yaba hulɗar da ke tsakaninsu, da ɗaya a ƙarshe da ke cewa ƙofa a buɗe take idan suna da tsarin biya da za su gabatar a rubuce kafin ranar. Wasiƙar Faransanci dama tana da nata ladabin rufewa mai tsawo wanda ba a tsallake shi, kuma shi ke ɗaukar nauyin da gaisuwa ke ɗauka a tamu. Sauran zumuncin na ce ya yi shi a waya: ya kira manajan ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya gaya masa takarda na tafe don kada ta zo masa ba zato.

Wani abin da ya so a sa na ƙi shi ne barazanar kai su wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Kamfanin da ke Kwatano ya san hannun waɗannan bai kai can a kan cinikin citta ba. Ko a nan gida ma, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kotuna kuma sun sha nanata cewa karɓar bashi ba aikin ɗan sanda ba ne. Barazanar da mai karatu ya san ba za ta yiwu ba tana rage wa sauran wasiƙar kwarjini. Haka nan kalmomi irin su macuci ko ɗan damfara, ko da zuciya ta raya su, ba su da wuri a takarda.

Akwai wani wuri da mai fassara ke iya shigar da abin da ba a sa shi ba, da kyakkyawar niyya. Kusan duk samfurin irin wannan wasiƙa da Faransanci yana ɗauke da jimlar da ke cewa kuɗin ruwa na jinkiri zai fara hawa, domin a dokar saye da sayarwa ta OHADA kuɗin ruwan yana fara ƙirguwa ne daga ranar da aka aika wasiƙar gargaɗin. Mai fassarar da ya saba da samfurin hannunsa zai rubuta jimlar ba tare da ya yi tunani ba. Na tambayi Alhaji, ya ce shi uwar kuɗinsa yake nema, ba zai ci riba ba, kuma ba ya so a ambata ko don tsoratarwa. Aka bar ta. Da ban tambaya ba, da ya sa hannu a kan neman abin da addininsa ya hana shi, cikin harshen da ba ya karantawa. Shi ne ma ya tuna mini cewa Alƙur'ani ya yi umarni a rubuta bashi, ya kuma ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, amma hadisi ya kira jinkirin mai hali zalunci. Kamfanin nan kuwa yana ta sayen kaya a wurin wasu, Alhaji na da labari.

Da na gama fassarar ban ce ya yarda da ni ba. Na sa ya kai ta Faransancin wurin wani wanda bai ga ta Hausar ba, ya karanta ya faɗa masa da Hausa abin da ta ce. Abu biyar zai saurara: wa ake bi, nawa, na wane kaya, zuwa yaushe, me zai biyo baya. In ɗaya ya fito daban da abin da ya faɗa, akwai gyara. Duk wanda zai sa hannu a takardar da ba ya iya karantawa ya kamata ya yi wannan, kuma a Zariya masu Faransanci ba su da wuyar samu, ga Samaru nan. Tun da takardar kuɗin da Turanci aka rubuta ta, muka yi wasiƙar da Turanci da Faransanci, ya sa hannu da hatimi a kan duka biyun, da layi guda da ke cewa in an sami saɓani ta Faransancin za a bi. Wasu za su ce ya zaɓi harshen da ya fi kusa da shi. Ni na duba inda shari'ar za ta kasance in ta kai ga haka, kuma kotun Kwatano da Faransanci take aiki.

Aikawa ma da hujja ake yin ta. Hoton wasiƙa a WhatsApp yana da amfani don saurin isa, mun kuma tura ta imel, amma ainihin takardar ta bi kamfanin kai saƙo wanda ke karɓo sa hannun wanda ya amsa, tare da kwafen takardar kuɗi, takardar isar kaya da shaidar biyan da aka yi sau biyu. A can suna da jami'an da aikinsu ke nan, isar da takardu a hukumance, kuma lauya kan yi amfani da su in abin ya yi nisa.

Dalilin da ya sa ban bar Alhaji ya ƙara wata uku yana kara ba, lokaci biyu ne ke tafiya a kansa. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, wanda ya fitar da kayan da ba man fetur ba ta hanyar fom ɗin NXP dole kuɗin su dawo cikin kwana 180, nasa kuwa ƙarshen Agusta za su cika. Na biyu, a dokar OHADA ƙarar da ta shafi cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa shekara biyu gare ta, alhali mu nan mun saba da biyar ko shida gwargwadon jiha. Aika wasiƙa kaɗai ba ya tsayar da wannan ƙidaya. Abin da ke sabunta ta shi ne shigar da ƙara, ko wanda ake bi ya amsa cewa lallai ana bin sa, shi ya sa amsa a rubuce take da daraja ko da ba ta zo da kuɗi ba.

Amsar ta zo ranar 9 ga Yuli, a kan takardar kamfani mai hatimi. Sun amince da 6,780,000, suka nemi su biya kashi uku, 2,260,000 a ƙarshen kowane wata daga Yuli zuwa Satumba. Alhaji ya ce kashi biyu, 3,390,000 a ƙarshen Yuli da irinsa a 20 ga Agusta, saboda wa'adin banki. Muka rubuta wannan ma da harsuna biyu, da sharaɗin cewa in kashin farko ya makara, duka ragowar ta zama abin biya nan take, suka sa hannu suka dawo da ita.